Yarinya ta turo tarkacen haruffa a waya: wace amsa za a ba ta?

*"Ina aiki a Legas, ƙanwata tana aure a Zariya. 'Yarta, mai sunan mahaifiyarmu, muna ce mata Ummi, shekararta biyu da rabi. Kwanan nan in ta samu wayar uwarta sai in ga saƙo ya shigo mini a WhatsApp kamar `hhjjkkll ffg`. Ina so in amsa mata da abin da zai faranta mata rai, amma ban san me zan rubuta wa wadda ba ta iya karatu ba. Kuma ina tsoron kada in ƙara mata son waya. Me kike gani, Malama?"*

Kawun Ummi, ka amsa mata, amma da murya, gajere, da sunanta a farko, kuma ka rufe maganar da kanka kafin ta yi tsawo. Dalilan su ne zan ɗan tsaya a kai, domin in ka gane su ba sai kowa ya tsara maka kalmomi ba.

Kafin komai, ka tabbatar ita ce ta rubuta. Wannan ba wasa nake yi ba. Rubutun yatsan ƙaramin yaro yana da kamanninsa. Yawanci haruffan maƙwabtan juna ne a kan allon rubutu, kuma daga layin tsakiya suke fitowa, wato layin `asdfghjkl`, saboda nan yatsa ya fi sauka in an riƙe waya da hannu biyu. Dubi naka saƙon: h, j, k, l a jere suke, f da g ma haka. Ana maimaita harafi sau biyu ko uku domin yaro yana jin daɗin buga wuri ɗaya ya ga abu ya fito. Wani lokaci kuma za ka ga kalmomi na gaskiya a jere ba ma'ana, kamar "to to ina lafiya ina ina", wannan ta danna kalmomin da wayar ke kawowa a saman allon ne, waɗanda uwarta ta saba rubutawa. Sau da yawa sitika ko saƙon murya na daƙiƙa biyu mai cike da numfashi yana biyo baya. In ka ga waɗannan, ka kwantar da hankalinka, yatsan yaro ne.

Wanda zai sa ka ɗaga waya ka kira nan take daban yake. In saƙon ya yi kama da na babba da ke ƙoƙarin faɗin wani abu amma kalmomin sun karye, akwai tazara a inda ya kamata, akwai rabin kalmomin da ka gane, sai dai sun harɗe, to ka kira ka ji muryar mai wayar. Shanyewar ɓarin jiki na iya fara bayyana a rubutu haka, kuma mai ciwon suga da sugansa ya faɗi ƙasa sosai yana iya rikicewa ya rubuta shirme. Wannan ya fi shafar saƙon da ya fito daga wayar tsoho ko tsohuwa, amma kira ɗaya ba ya cin komai. Haka nan in bayan tarkacen haruffan aka turo maka wata mahaɗa a ce ka danna, ko aka nemi ka turo lambobi shida da suka shigo wayarka, ba Ummi ba ce, ɓarawon asusu ne. Layi ɗaya ya wadatar a karon farko: "Ummi ce da wayar?" In ƙanwarka ta ce ita ce, daga ranar ka san hannunta.

Yanzu ga abin da ke faruwa a kan yarinyar. A shekara biyu da rabi ba ta san cewa haruffa suna ɗauke da magana ba. Ba saƙo ta rubuta maka wanda ka kasa warwarewa ba. Abubuwa biyu take yi: tana kwaikwayon uwarta, wadda take gani kullum da yatsu a kan gilashi, kuma tana gwada cewa in ta taɓa nan, wani abu zai faru can. Ta danna, baƙin abu ya fito. Ta danna koren maɓalli, abin ya yi tsalle ya hau sama da ɗan sauti. Wannan kaɗai ya ishe ta murna. Mai yiwuwa ma ba kai ta zaɓa ba, sunanka ne a saman jerin hira, ko hotonka ta gane ta taɓa. Kada ranka ya sosu da wannan, domin amsarka ce za ta mai da shi zaɓi. Ranar da ta gane cewa in ta taɓa wannan hoton muryar Kawu na dawowa, ta koyi abin da ya fi kowane harafi girma a wannan shekarar tata: alama tana tafiya wurin mutum, mutumin kuma yana amsawa.

Masu nazarin tasowar yara sun daɗe da gano cewa musayar nan, yaro ya yi wani abu babba ya mayar masa, ita ce harshe ke ginuwa a kanta. A 2014 Sarah Roseberry da abokan aikinta Kathy Hirsh-Pasek da Roberta Golinkoff sun wallafa wani gwaji da yara masu wata 24 zuwa 30. An koya musu sababbin kalmomi ta hanya uku: ido da ido, ta kiran bidiyo kai tsaye, da ta bidiyon da aka riga aka naɗa. Yaran sun koya a hanya ta farko da ta biyu, ba su koya daga naɗaɗɗen bidiyon ba. Bambancin shi ne a biyun farko akwai mutumin da ke amsa abin da yaron ya yi a daidai lokacin da ya yi shi. Abin da wannan ke gaya maka game da Ummi shi ne saƙonka, ko na murya ne, naɗaɗɗe ne, shi kaɗai ba zai yi aikin ba. Wanda zai mai da shi musaya ta gaskiya shi ne babban da ke zaune kusa da ita. Don haka kowace amsa da za ka tura mutum biyu take nema: yarinyar da za ta ji, da uwar da za ta kunna ta ce "ji, Kawu ne, ya ga saƙonki."

Shi ya sa na ce murya. Rubutu sai an karanta mata, kuma in an karanta, muryar Mama ta ji, ba taka ba. Tsawonsa kada ya wuce daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. Na sha ganin kawunai da gwaggwanni suna naɗa minti ɗaya da rabi, da nasiha da addu'a da tambayar makaranta, yarinyar kuwa tun daƙiƙa ta takwas ta koma jan kunnen kyanwa. Ka yi magana a hankali, ka ɗan ɗaga murya sama yadda muke yi wa yara ba tare da an koya mana ba, ka ja kalmomin, ka bar ɗan shiru tsakanin jimloli. Wani abu kamar haka:

"Ummi! Mamana! Kawu ne. Na ga rubutunki. Sannu da aiki, 'yar albarka. Ina hancinki? Nuna wa Mama."

Duba yadda aka gina shi. Sunanta ne farko, domin shi ne kalmar da ta fi kowace jan kunnenta, kuma tunda sunan mahaifiyarku gare ta, "Mamana" ɗin da kake kiranta da shi a gida shi za ka kira ta da shi a nan. Sai ka faɗi ko kai wane ne, saboda murya a waya ba ta fita daidai da ta zahiri, kuma wanda aka yi watanni ba a gani ba sai an tuna wa yaro shi. "Na ga rubutunki" gaskiya ce tsagwaronta, ka gani ɗin. Sai tambaya ɗaya tak, wadda za ta iya amsawa da hannu ko da kalma ɗaya, kuma amsar ga uwarta za ta tafi, ba ga gilashi ba. Wannan na ƙarshen shi ne dabarar duka: saƙon ya fito daga waya amma ya juya fuskar yarinyar zuwa ga mutumin da ke ɗakin.

Akwai abin da mutane ke yi da kyakkyawar niyya da ban so. Sai su ce "Au, kin ce kina son alawa? To zan kawo miki." Wato sun ƙirƙiro wa haruffan ma'ana. Ga mai shekara biyu da rabi wannan ba ya cutarwa ta fuskar karatu, ba ta ma lura ba. Illarsa alkawarin ne. Ba ta da "sai Sallah" a kanta. "Zan kawo" a wurinta yana nufin yanzu, ko in ƙofa ta buɗe. Kai kana Legas, uwar ce za ta kwana da kukan alawa. Ga yaron da ya kai huɗu kuwa ƙirƙirar ma'anar tana da wata matsala: ya fara zargin cewa haruffa suna da ƙa'ida, in ka karanta masa abin da bai nufa ba sai ya ce "ba haka na ce ba," kuma shi ke da gaskiya. Da shi gara ka ce "karanta mini abin da ka rubuta," ka bar shi ya faɗa.

Haka nan ban da "me kika rubuta? Ban gane ba," ban da gyara irin na "ba haka ake rubuta Kawu ba," ban da tsawa ta nesa: "ajiye wayar nan ko in turo dodo." Wanda ke nesa muryarsa kaɗan ce ke isa ga yaro, kada ya kashe ɗan abin da ke isa wajen ba da tsoro. Karɓe waya aikin wanda ke kusa ne.

Bari mu bi yamma ɗaya daki-daki. An idar da magariba, ƙarfe bakwai da ɗan wani abu, ƙanwarka tana kicin ta bar wayar a kan tabarma. Saƙonni uku suka shigo maka a jere: `hhjjkkll ffg`, sai sitika, sai murya ta daƙiƙa biyu. Kana hanya, ba ka gani ba sai bayan minti arba'in. A lokacin Ummi ta manta ta taɓa wayar, yaro mai wannan shekaru ba ya haɗa abin da ya yi ɗazu da abin da ya dawo yanzu sai an haɗa masa. Saboda haka ka fara da layi ɗaya na rubutu ga uwar: "In tana kusa ki kunna mata, ki nuna mata nata rubutun tukun." Sannan ka tura muryar. Uwar ta zaunar da ita a cinya, ta nuna mata layin haruffan ta ce "ga naki," ta nuna na ƙasa ta ce "ga na Kawu," ta kunna. Yarinyar za ta ɗago kai da jin sunanta, wataƙila ta leƙa bayan wayar tana neman ka, wannan daidai ne a shekarunta. Za ta ce "kuma!" A sake kunnawa sau ɗaya ko biyu. Ta taɓa hancinta. In uwar ta danne mata maɓallin naɗa murya ta ce "Kawu" ko "hanci," ka samu amsa.

Daga nan zagaye ɗaya ya rage maka, kuma shi ne na rufewa:

"Yauwa, na ji ki! Sai da safe, Ummi. Ba Mama waya. Allah ya yi miki albarka."

Zagaye biyu ke nan, duka-duka bai kai minti uku ba. In wasu haruffan suka sake shigowa bayan wannan, ka bar su. Shirun nan ba rashin kirki ba ne, shi ne ke ba "sai da safe" ɗinka ma'ana. In ka ci gaba da amsa kowane layi, ka koya mata cewa wayar kamar famfo ce, duk sanda aka murɗa sai Kawu ya zubo, kuma ba za ta yarda a raba ta da ita ba. Kalmomin rufewar kada ka riƙa sauya su. Yara suna jingina da abin da suka san zai zo, bayan 'yan kwanaki za ka ji uwar ta ce da ta ji "ba Mama waya" da kanta take miƙawa. Ba kullum ba, amma sau da yawa.

Wannan ya kawo mu ga tsoron da ka ambata, kuma tsoro ne mai tushe. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, mai shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya yi ƙasa da haka ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a shawararta ta 2016 ta hana allo ga 'yan ƙasa da wata 18 amma ta ware kiran bidiyo da dangi, saboda can mutum ne ke amsa wa mutum. Minti ukunka a cinyar uwarta ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne a ce saƙonninka sun zama hujjar barin wayar a hannunta, "ai da Kawunta take hira," alhali daga hirar ta zame ta faɗa bidiyo na awa biyu.

Kana iya gane wannan daga Legas. In ka tura murya, WhatsApp yana nuna maka ko an saurara: alamar makirufon da ke jikin saƙon tana komawa shuɗiya in an kunna. In kana ganin an buɗe saƙo amma ba a kunna muryar ba, haruffa kuma suna ta shigowa, babu babba a wurin, ita kaɗai ce da wayar. Haka in saƙonnin suna zuwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko suna ɗaukar rabin awa a jere. A irin wannan ba yarinyar za ka amsa wa ba, ƙanwarka za ka kira, cikin raha, ka ce mata sakatariyarta ta yi aikin dare. In kuma ta gaya maka cewa duk sanda aka karɓe wayar bayan saƙonka sai an yi birgima a ƙasa, ku sauya tsari: a daina amsa haruffa, a tsayar da lokacin kiran bidiyo, misali ranar Juma'a bayan la'asar, minti biyar, wayar a hannun uwa. Ɗan kuka na minti ɗaya da ke wucewa in an ɗauke mata hankali ba komai ba ne.

Tunda kai ne babban wa, ka ba ta shawara ɗaya ta kare wayar. A Android akwai `App pinning`, a wasu wayoyin `Screen pinning`, cikin saitin tsaro. A iPhone akwai `Guided Access`. Suna kulle wayar a kan manhaja ɗaya, yatsa ba zai zame ya shiga manhajar banki ko ya goge hotuna ba. Ba sa hana ta shiga wata hirar a cikin WhatsApp ɗin, don haka haruffan da suka zo maka gobe suna iya zuwa zauren iyayen makaranta ko wurin surukai. In hakan ta faru `Delete for everyone` yana aiki har kusan kwana biyu. In kai ne kake cikin zauren da abin ya faɗo, amsar a nan ta uwar ce, don kunya ce ta kama ta: "Ba komai, a gaishe da mai rubutu," a wuce. Ba a ɗaukar hoton saƙon a ɗora a sitatus ana dariya sai da yardarta.

Amsar nan da na tsara ta wannan shekarar ce, ba za ta daɗe tana yi mata daidai ba. Wajen shekara uku da rabi zuwa huɗu za ka ga rubutun ya sauya. Maimaita harafi ɗaya zai ragu, za ta fara cakuɗa su da gangan, ta sa tazara, layin ya yi kama da kalmomi. Emilia Ferreiro da Ana Teberosky, a binciken da suka yi da yara a Ajantina suka wallafa a 1979, sun gano cewa yaran da ba su fara karatu ba suna da nasu sharuɗɗan abin da "ake iya karantawa": sai ya kai kamar haruffa uku, kuma kada su zama iri ɗaya duka. Na ga wannan a ajina ba adadi. Ka nuna wa yaro `mmm` ya ce wannan ba ya cewa komai, ka nuna masa `mkt` ya ce wannan yana cewa wani abu. Ranar da saƙon Ummi ya fara zuwa a haka, ta shiga wannan matakin, kuma rubutu ya fara yi mata amfani. Sai ka haɗa muryar da kalma ɗaya a rubuce, da manyan haruffa: `UMMI`. A muryar ka ce "na rubuto miki sunanki, nemo mini na farkon." Harafin farko na sunan yaro shi ne yawanci wanda yake fara ganewa, yana ce masa "nawa." Allon rubutun wasu wayoyi yana nuna ƙananan haruffa, sai uwar ta danna kibiyar sama domin `U` ɗin ya yi kama da wanda ka turo, in ba haka ba za ta yi ta nema. In `UUUU` ya dawo maka, wannan karon da gangan ne, kuma amsarsa ita ce ka faɗi abin da ka gani: "Na ga U har guda huɗu!" Daga baya `KW` ko `KAU` zai zo a matsayin Kawu. Kada ka gyara, ka karanta shi Kawu, domin shi ta nufa, sannan ka sa hannu a amsarka da `KAWU` cikakke ta gani da idonta. In tana zuwa makarantar allo ko Islamiyya kana iya ganin ta juya jerin haruffan daga dama zuwa hagu. Yara masu koyon rubutu biyu a lokaci guda suna yin haka, har waɗanda boko kaɗai suke koyo suna juya haruffa a wannan shekarun, yana daidaita da kansa.

Abu ɗaya da zan so ƙanwarka ta lura da shi yayin da take kunna mata muryarka: shin tana ɗago kai in ta ji sunanta? Rashin kula da saƙo ɗaya ba ya nuna komai, yaro mai wasa ba ya jin kowa. Amma in a gida ma ana kiranta daga baya ba ta waiwayowa, ko a shekara biyu da rabi ba ta haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Mama zo," a kai ta asibiti a duba jinta, musamman in ta taɓa yin ciwon kunne mai fitar da ruwa, ko sanƙarau, ko shawara mai tsanani tana jaririya.